Furfurar da Isiyaku Ya Saya

Har yau mutanen Unguwar Shanu ba su manta ranar da gemun Malam Isiyaku direba ya yi zuba ba. Wajen ɗaurin aure ne, rana ta take, ya sha farar shadda, ga gemu baƙi wuluk. Ashe da safe ya shafa baƙin rini, sauri ya hana shi wankewa da kyau. Zufa na karyowa sai baƙin ruwa ya bi wuya ya sauka a ƙirjin riga, layi biyu kamar titin jirgi. Bala mai shayi, abokin tsokanarsa, wanda sanƙo ya share wa kai tas, ya ce a kawo bokiti a tara, mota na yoyon baƙin mai.

Isiyaku bai daina rini ba. Shekara talatin yana jan motar ma'aikata daga Mando zuwa cikin gari, bai taɓa buge ko akuya ba, 'ya'yansa sun yi karatu, matarsa Balaraba ba ta kuka da shi. Aibinsa ɗaya, ya ƙi yarda ya haura hamsin. In an tambayi shekarunsa sai ya fara zancen tsadar fetur.

To, sai ƙanwarsa Jummai ta zo daga Gusau da saƙon tsohuwarsu, Inna Harira. Ƙafa ta hana tsohuwar tafiya, amma idonta garau. Ta ce tun yana goye take roƙon Allah ya nuna mata furfurar ɗanta, ga shi duk hoton da aka kai mata gemun ya fi na bara baƙi. Ko dai addu'arta ce ba ta karɓu ba? Jummai za ta koma washegari, shi kuwa ba hutu sai sallah, rinin kwana goma kuma ya kama, ko sabulun wanki bai motsa shi ba.

Sai gogan ya yi dabara. Ya ɗebi hodar Balaraba ya bulbula wa gemu, ya tafi shagon Sagir mai hoto a Unguwar Sarki. Sagir ya dube shi ya tambaya ko daga injin niƙa yake. Ya sa shi ya wanke, ya zaunar da shi gefen taga ya ɗauka.

Da hoton ya hau kwamfuta, Sagir ya yi ta ƙara girmansa har gindin gashi ya fito. Ga fari nan ya tsiro ƙarƙashin rinin, a haɓa da gefen kunne inda hula ba ta rufe ba.

"Baba, ga gaskiyar nan ta leƙo," in ji Sagir. "Inda tushe ya yi fari nan zan bi, ba zan ƙara maka ko sili ɗaya ba."

A kan wani shafi daban da ya ɗora bisa hoton ya yi aikin, don kada na asali ya lalace. Ya ɗauki siririn burushi yana jan gashin ɗaya-ɗaya daga tushe zuwa baki, yadda kowanne ya kwanta ya lanƙwashe. Bai sa fari fat ba, toka-toka ya sa, wani da ɗan ruwan ɗorawa, ya bar baƙaƙe a tsakani. Ɓangaren taga ya ƙara wa silin haske, ƙarƙashin haɓa ya bar shi da inuwarsa. Isiyaku yana tsaye a kansa yana ciniki, wai a rage na gashin baki, a tausaya. Sagir ya ce tushen ya fi shi gaskiya.

Da aka wanko hoton, Isiyaku ya karɓa ya ƙura masa ido. Kamannin mahaifinsa ya gani, sak. Washegari ya ba Jummai hoton ta tafi da shi.

Bayan kwana biyu Jummai ta bugo waya. Ta ce Inna ta kai hoton bakin ƙofa wajen haske, ta bi gemun da yatsa, ta gane ɗanta nan take, ta yi hamdala, ta sa aka rataye mata shi saitin gado. Tun daga ranar Isiyaku ya bar rini, wai kada ya je sallah ya ƙaryata hoto. Gemun ya yi wata biyu rabi fari rabi baƙi kamar zabuwa, ya daure.

Bala kuwa ya samu abin yi. Ran nan a teburin shayi, gaban jama'a, ya ce duk Kaduna ba a taɓa jin wanda ya sayi tsufa da kuɗinsa ba sai Isiyaku.

Isiyaku ya kurɓi shayinsa, ya shafa gemu, ya dubi kan Bala yana ƙyalli.

"Ni dai an samu inda za a sa min. Kai je ka nemo gashin tukuna, sai mu zauna mu yi maganar launi."