Fayil Uku a Cikin Takaba

Maigidana ɗan kwangilar gini ne, ni kuma akantarsa. Da aka yi mana aure ina da takardar difloma a lissafin kuɗi, shi kuma yana da buhu cike da rasit da ba wanda ya taɓa jerawa. Haka na fara, a ɗakin da ke kusa da zauren gidanmu a Mandawari, da tebur ɗaya da kwamfuta. Kowane aiki na buɗe masa fayil nasa. Buhun siminti in an saya, sai na san ginin da ya shiga. Kuɗin leburori, hayar tifa, man janareta, kowanne da inda nake rubuta shi. Abin da ba na aiki ɗaya ba ne, kamar albashin injiniya da gyaran mota, sai in raba wa ayyukan gwargwadon girmansu.

Ya rasu da hantsi, a wurin aiki. Ya ce kansa na juyawa, ya zauna a kan bulo, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mata sun cika gidan, ana ta ba ni haƙuri ina amsawa. Na ji ana cewa ina da tawakkali. Ni dai ban san abin da nake da shi ba. Ina cin abinci in an miƙo, ina tashi salla in an kira, yaran in sun yi kuka in rungume su, amma kamar wata ce ke yin duk wannan ina kallonta.

Bayan an share makoki yayansa ya zo. Shi ne babba a gidansu, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, mutumin kirki, kuma shi aka ɗora wa maganar gado. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ni ina ciki a kan darduma.

Ya ce, "Hajiya, an karɓo takardar banki. Akwai miliyan ashirin da huɗu a asusun kamfani. Alhamdu lillahi, marayu ba za su tagayyara ba. Ina so mu kira malam a raba, kowa ya san nasa."

Na ce, "Yaya, yawancin kuɗin nan ba namu ba ne."

Ya ce, "Na wane ne?"

Na ce ya ba ni lokaci in rufe lissafi, in nuna masa a rubuce.

Ayyuka uku ne a hannunmu a lokacin. Akwai jerin shaguna a wajen Ƙofar Ɗan Agundi, an gama an miƙa makulli. Akwai gidan wani attajiri da aka fara haƙa harsashinsa kawai. Sai makarantar islamiyya mai hawa biyu a cikin Yakasai, wadda kwamitin unguwa ya ba mu. A can ne ajali ya samu maigidana.

Na buɗe kwamfutar kamar yadda na saba kowace safiya. Hannuna ya san aikinsa. Na ga rubutun marigayi a bayan wani rasit na rodi, na duba adadin, na shigar, na ajiye rasit ɗin a kan 'yan'uwansa.

Da Yaya ya dawo sai na sa aka kira injiniyanmu, wanda ya daɗe yana tsaya wa marigayi a kan gini. Na fara da gidan attajiri, don shi ya fi sauƙi. Ya ba da miliyan goma sha biyar kafin alƙalami, mu kuma aikin miliyan ɗaya kacal muka yi. Saura sha huɗu amanarsa ce a wurinmu, ko mu yi masa aikin ko mu mayar. Sai bashin mai rodi da mai siminti, miliyan shida. Abin da ya rage huɗu ne.

Yaya ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "To shagunan fa?"

Na ce shaguna sun yi riba, miliyan tara, bayan an cire komai har da kasonsu na hidimar ofis da haraji. Amma ribar ba ta zauna ba, makaranta ta cinye ta.

Ba wani abu ne ɓoyayye ba, na sha faɗa wa marigayi. An yi kwangilar a kan miliyan sittin, farashi ƙayyadadde, babu sharaɗin ƙari in kaya sun tashi. Kafin a zuba dekin, wato rufin kankare na hawan ƙasa, siminti ya yi tsada. Ga shi tifa ba ta shiga lungun, sai a sauke yashi da tsakuwa a bakin titi, masu baro su yi ta ɗauka zuwa ciki, kuma ba a sa wannan a ƙiyasi ba. Biyan kuma mataki-mataki ne: in an gama harsashi a biya, in an zuba dekin a biya, sai rufi, sai kammalawa. Kowane mataki sai mai zanen ginin ya zo ya duba ya sa hannu, sannan in rubuta takardar neman biya. A kowane biya suna cire wani ɓangare na kafin alƙalamin da suka ba mu, suna kuma riƙe biyar cikin ɗari, wanda ba za a sake shi ba sai an yi wata shida da miƙa gini ba a ga aibu ba.

Na ce, "Mun kashe arba'in da huɗu. Abin da aka sa wa hannu talatin da shida ne. Bangon sama ya kai linta, wato saman ƙofofi da tagogi, amma ba zan iya neman ko kwabo a kansa ba sai kwano ya hau."

Injiniya ya ce abin da zai ƙarasa ginin zai kai ashirin da biyu, ya auna da kansa, ya tambayo farashi a kasuwa.

Yaya ɗan kasuwa ne, bai buƙaci takarda ba. Ya ce, "Sittin da shida ke nan. Faɗuwar miliyan shida. To a tsaya mana. Mai aiki ya rasu, wa zai ce dole?"

Na ce kamfani ne ya sa hannu, kuma kamfani yana nan. In mun tsaya yanzu, takwas ɗin da muka kashe ba a tantance ba sai yadda ta yiwu, abin da suka riƙe zai tafi, mu kuma mayar musu da ragowar kafin alƙalami. Asarar za ta doshi goma. In mun ƙarasa, shida ce.

Ya dube ni ya ce, "Ke kam kina faɗar wannan kamar labarin wasu."

Gaskiya ya faɗa.

A cikin shidan nan akwai miliyan biyu na bayan gida guda huɗu da aka ƙara a bayan ginin. Ba sa cikin zane. Shugaban kwamiti ne ya roƙi marigayi a tsaye bayan sallar la'asar, shi kuma ya ce ba komai, za a daidaita. Na ce masa a lokacin ya karɓo takarda, ya ce ai Malam ne. Ƙarin aikin da ba a rubuta ba, ba ni da hanyar sa shi a takardar neman biya.

Malam ɗin ya zo da kansa da aka aika masa. Dattijo ne, ya koyar da rabin unguwar karatu. Ya tsaya a zaure ya yi addu'a mai tsawo, ni ina daga bayan labule.

Na ce, "Allah gafarta Malam, maganar bayan gidan nan ce. Ba mu da takarda."

Ya ce, "'Yata, ba sai da takarda ba. Ni na roƙe shi, kuma zan faɗa a gaban kowa. Abin da ba ni da shi shi ne kuɗin. Da karo-karon iyaye muke ginin nan."

Na ce, "Ko ba kuɗi, a rubuta, Malam."

Ya rubuta, ya sa hannu, mai zane ma ya sa. Daga baya kwamitin ya zauna ya ce rabi zai iya biya. Yaya ya tambaye ni ko mu matsa. Na ce a miliyan ɗayan da ta rage akwai haƙƙin marayu, ba ni kaɗai ke da ta cewa ba. Ya ce a cire daga kason manya in an zo rabo, ni da mahaifiyar marigayi, in mun yarda. Muka yarda.

Attajirin bai so a mayar masa da kuɗinsa ba, ginin yake so. Amma ba mai tsaya masa, injiniya ɗaya ba zai rabu biyu ba. Muka cire kuɗin haƙa, muka tura masa sauran, ya sa hannu cewa babu komai tsakaninmu. Na rufe fayil ɗinsa, ba riba ba faɗuwa. Muka biya mai rodi da mai siminti. Huɗun da suka rage muka sayi katako da kwano, abin da bai isa ba mai kwanon ya ɗaga mana ƙafa.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya. Injiniya ya turo hotuna da rasit ta waya, in shigar. Ranar Alhamis in fitar da kuɗin magina da leburori. In kwatanta abin da aka kashe da abin da aka ƙiyasta, in ya zarce in kira shi in tambaya. Ƙanwata da ke zaune da ni ta ce bai kamata mai takaba ta riƙa wannan wahalar ba. Na ce ba wahala ba ce. Lissafin ne kaɗai abin da in na fara nake sanin inda zan tsaya.

Kwano ya hau ina cikin takaba. Mai zane ya sa hannu, na rubuta takardar neman biya, kuɗin suka zo a kashi biyu. An gama fenti bayan na fita. An gayyace ni bikin buɗewa, ban je ba, Yaya ya wakilce mu. Ya dawo yana cewa an yi wa marigayi addu'a sosai, har mutane sun yi kuka. Na ce Allah ya karɓa.

Da damina ta sauka wani aji ya fara yoyo ta kusurwa. Injiniya ya kai kafinta suka gyara, na rubuta kuɗin a kan makaranta. Wata shida suka cika, kwamiti ya saki abin da ya riƙe. A ranar na ja layi na ƙarshe: shaguna riba tara, makaranta faɗuwa biyar, gida babu.

Yaya ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kusan shekara biyu yana fita tun asuba. Wannan ne?"

Na ce, "Wannan ne, Yaya."

Aka kira malam ya raba, da kuɗin da motar da kayan aiki. Injiniya ya ce zai sayi injin kwaɓa siminti, zai fara nasa. Aka yi masa kuɗi, ya biya rabi, rabi zuwa bayan salla. Injin yana ajiye a kangon bayan gidanmu, sai da mutum biyar suka turo shi ta lungu zuwa titi, ƙafarsa ɗaya tana ƙara. Na rubuta masa rasit na miƙa. Ya tsaya yana juya shi a hannu, sannan ya ce ko zan riƙa duba masa lissafi in ya samu aiki. Na ce ya kawo, amma kowane aiki da fayil ɗinsa, kuma ba na karɓar rasit a buhu. Ya yi dariya. Na shiga ciki na ɗora girkin rana, don yara sun kusa tasowa daga makaranta.