Gurbin Gogewa

"Ke me kika rubuta a wurin gogewa?"

"Shekara uku a kantin kayan shafa."

"Ke! Yaushe aka yi haka?"

"Yo wa zai je ya bincika? Kantin ma ya rufe."

'Yan matan biyu da ke gefen Auta suka kwashe da dariya. Auta na zaune a ƙarshen benci, ta kife takardarta a cinya don kada a ga gurbin da ta bari fayau. Su tara ne a barandar babban kantin maganin, mutum ɗaya kuma ake nema, mai jera kaya a kanta.

Auta ta gama sakandare shekara biyu ke nan. A watan da sakamako ya fito Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga nan duniyarta ta koma ɗaki ɗaya: tabarma, bokiti, da gwangwanin magani a kan taga. Inna ce ke riƙe da gidan da keken ɗinki, yanzu kuma idonta ya ƙi, ko zare ba ta iya zurawa a allura. An riga an fara tsallake wa Baba maganin rana don na safe ya kai. In ba a samu mai ɗaukar albashi a gidan ba, na safen ma zai tsaya.

Da za ta fito, Yaya ya tare ta a bakin ƙofa. Shi ya sha zuwa neman aiki, bai taɓa samu ba, amma a wurin ba da shawara ba a kai shi.

"Duk abin da aka tambaye ki, ce kin iya. Ko jirgi aka ce ki tuƙa, kin iya."

Aka kira ta. Ofishin ƙarami ne, fanka na kaɗa takardu, kwalaye jibge har rufi. Manaja, wata dattijuwa mai tabarau, ta nuna mata kujera. A gefe mai kula da sito yana danna biro.

"'Yata, ba ki taɓa aiki ba?"

"Ban taɓa ba, Hajiya."

"Kin iya kwamfuta? Da ita muke shigar da kaya."

"Na iya."

Kafin ta rufe baki mai sito ya juyo mata da allon. "Bismillah. Nemo mana maganin tari."

Auta ta dubi madannan. Sau uku ta taɓa kwamfuta a makaranta, su shida a kan guda ɗaya. Ta kai hannu kamar za ta danna. Ta janye hannunta.

"Ku yi haƙuri, ƙarya na yi. Ban iya ba. Amma in aka nuna mini sau ɗaya, rubutawa nake, ba na sake tambaya."

"Ikon Allah," in ji mai sito. "Yau ga mai tuba tun ba a kama ta ba."

Manaja ba ta yi dariya ba. "Shekara biyun nan me kike yi?"

"Jinyar mahaifina."

"Wannan ai ba aiki ba ne."

"Haka ne, Hajiya. Sai dai ƙarfe bakwai na safe, biyu na rana, takwas na dare, muddin akwai maganin, ban taɓa wuce lokacinsa ba. Ranar asibiti ni ke fara kama layi. Shugabar makarantarmu ta san ni, ga lambarta, ta ce za ta tsaya mini."

"In muka ɗauke ki, wa zai zauna da shi?"

"Inna da Yaya. Na rubuta musu komai na manna a bango."

Manaja ta turo mata ƙananan kwalaye huɗu na magani iri ɗaya. "Jera su kamar a kan kanta."

Auta ta juya kowanne, ta duba ranar lalacewarsa. Ta sa wanda ya fi kusa lalacewa a gaba, masu sauran lokaci a baya. Na huɗun ta ture shi gefe.

"Wannan ya wuce tun watan jiya."

Mai sito ya daina danna biro. Manaja ta yi ɗan rubutu, ta ɗora takardar Auta a kan tarin sauran.

"To, madalla. Akwai waɗanda suka yi shekaru a kanti, sai mun gan su. Za mu kira ki."

Auta ta san wannan magana, Yaya ya kawo ta gida ya fi sau goma. Ta miƙe, ta kai har bakin ƙofa ta kama mariƙin. In ta fita, benci zai haɗiye ta, ba wanda zai tuna da fuskarta. Ta saki mariƙin ta juyo.

"Hajiya, don Allah kada ki sa ni jiran waya. Ki gwada ni mako ɗaya. Gobe kafin a buɗe kanti za ki same ni a ƙofa. In na makara ko sau ɗaya, ki kore ni. Ki taimaka ki gwada ni, Hajiya."