Ƙarfe Shida da Minti Sha Biyu

Duk wanda ya taɓa sayen maganin feshi a layinmu na kasuwar Zuru ya san Margaret Haggai, wadda muke kira Maman Success. Mijinta soja ne, ya tafi aiki gabas, kayansa kawai aka dawo mata da su. Shekara sha ɗaya ta yi tana tsaron shagon Oga Innocent, ɗan kasuwa Inyamuri mai sayar da maganin ciyawa da iri da famfon feshi. Mace ce marar yawan magana, mai taurin kai a kan gaskiya har ta ba ka haushi. Ko canjin naira hamsin ka manta, sai ta biyo ka da shi har tashar babur.

Ni ne Philemon, mai shagon kwamfuta da ke kallon nata. Ina ba da labarin nan ne don da hannuna a ciki, kuma har yau abin yana cina.

Da ciwon suga ya matsa wa Oga Innocent, ya koma Onitsha wajen iyalinsa, ya bar mata shago da tsohuwar laftof. Kullum da yamma sai ya bugo waya ya ji ciniki, rabin maganar kuwa "kina ji na?" ce. Wata rana a watan Janairu ta shigo wurina.

"Philemon ƙanena, ba za a iya sa injin nan ya riƙa gaya masa da kansa ba? Bawan Allah ba shi da lafiya, ga ihu a waya."

Na ce mene ne a ciki? Dama tana shigar da ciniki a Google Sheets, kowane layi da kwanan wata, sunan kaya, adadi da kuɗi. Na rubuta ɗan umarni a Apps Script: ya duba kwanan watan yau, ya tattara duk layin da ke ɗauke da shi, ya haɗa jimla, ya tura imel ga Oga, kwafi kuma gare ta. Da akawun ɗinta muka yi, don haka da sunanta saƙon ke fita. Saura lokaci. Na tambaye ta yaushe take rufewa, ta ce biyar da rabi. Na saita shi tsakanin shida da bakwai, ya riƙa fita shida da minti sha biyu, ko laftof na kunne ko tana kashe, tunda ba a cikinta yake aiki ba.

Ita ta zaɓi layin farko: "Oga, barka da yamma. Ga cinikin yau." Ranar da ya fara isa, Oga ya bugo yana dariya, wai Margaret ta zama Baturiya. Ta ba ni kwanon shinkafa da miyar kuka, na ci ina jin kaina gwani.

Gwanin banza! An haife ni a nan, ubana manomi ne, amma ban tuna cewa Janairu ba Yuni ba ce. Da ruwa ya sauka, wa zai bar gona da rana ya zo kasuwa? Sai sun tashi aiki suke ɗauko babura daga ƙauyuka, wasu tun daga hanyar Ribah da Mahuta, da laka har gwiwa, su cika ƙofar shagon daga shida da rabi har takwas saura. A lokacin ne ake cinikin damina. Ita kuma tana shigar da komai da kwanan watan ranar, yadda ya dace. Amma saƙon ranar ya riga ya tafi, na gobe kuwa layukan gobe kawai yake nema. Cinikin bayan shida bai shiga saƙon kowace rana ba.

Da Oga na da lafiya da ya gane tun makon farko. To, tun watan Mayu yana asibiti. Ita kuma ta daina buɗe kwafinta, tunda gwani ya ce komai daidai.

Oga ya rasu a Yuli. Ta rufe shago kwana uku ta yi kuka kamar ubanta ne ya rasu.

A Satumba ɗansa Chimaobi ya zo daga Legas. A Zuru aka haife shi, Hausarsa ras, Margaret ta sha goya shi zuwa kemis yana ƙarami. Ya zo da wayar babansa, ya riga ya haɗa jimlar saƙonnin, ya kuma riƙo takardun kayan da aka aiko. Ya ƙirga katan-katan da suka rage. Kaya sun fita da yawa, saƙonni sun ce kaɗan aka sayar.

"Madam, ina sauran kayan?"

Da can Anti yake ce mata. Ta buɗe laftof ta nuna masa jimlar da ke ciki, wadda ta kusa ninka tasa.

"Au, lissafi biyu kike yi ke nan? Ɗaya naki, ɗaya na mara lafiya?"

A bakin ƙofa ya faɗa, ranar kasuwa. Ta ce duk mako tana zuba kuɗin a asusun Oga ta wurin mai POS. Ya ce ina alat? Alat ɗin, wato saƙon da banki ke turowa idan kuɗi sun shiga, yana zuwa ƙaramar wayar Oga da ta ɓata a asibiti, banki kuma ba zai buɗe wa ɗa asusun ba sai takardun gado sun kammala. Ta ɗauko rasit daga leda, zafi ya cinye rubutun yawancinsu, sun zama fararen takardu.

Aka kira ni. Wallahi minti biyar ban yi ba na ga ɓarnar. Na ce, "Ɗan'uwa, laifina ne, ba nata ba. Dubi tarihin gyaran takardar, za ka ga an shigar da layukan nan bayan shida, kowace rana." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce dama ni na haɗa mata abin, me zai hana in kare ta? Na yi masa tsawa, na faɗi abin da bai kamata ba, na ƙara ɓata mata lamari. Ita kuwa ta ciro mabuɗin shagon daga bakin zaninta ta ajiye a kan tebur.

Bai kai ta ofishin 'yan sanda ba, wai don darajar babansa. Da ya kai ta ma da ya fi, a bincika a gama. Ya sayar da shagon ga Muhammad Sani mai taki, ya koma. A coci, zumuntar mata suka ce ta ɗan huta da riƙon jakar baiko, kuɗin da ake tarawa a coci, tukuna. Babu wanda ya ce mata ɓarauniya a fuska, sai dai mata suna matsar da jakunkunansu idan ta zauna.

Bayan wata bakwai banki ya buɗe asusun, kuɗi suna nan cif. Chimaobi ya turo mata saƙon waya, layi biyu, yana ba da haƙuri. Zagi a kasuwa, haƙuri a aljihu! Na ce ta kai wa fasto ya karanta a gaban jama'a. Ta ce ba za ta tsaya tana roƙon a yarda ita ba ɓarauniya ba ce.

Yanzu tana soya ƙosai da doya a bakin tasha. Kwanan baya ina zaune a bencinta da yamma, wayarta ta yi ƙara. Na duba agogo, shida da minti sha biyu. Ashe babu wanda ya kashe abin. Ta miƙo mini na karanta: "Oga, barka da yamma. Ga cinikin yau: ₦0."

Na ce, "Anti, don Allah kawo in kashe shi, minti ɗaya ne."

Ta karɓe wayarta ta soke a zani, ta juya ƙosai.

"Bar shi, Philemon. Shi kaɗai ne bai taɓa tambayata ina sauran ba."