Cinikin Uku Bisa Goma

Yayana bai taɓa kirana a waya don ya tambayi lafiyata ba. In na ga lambarsa, to takarda ce ta shigo gidansa da Faransanci, tunda ni kaɗai ce a ɗakinmu na yi lakwal, wato boko, har na samu takardar shaidar brebe. Ran nan ma haka aka yi. Ina tashi daga aiki na hau kabu-kabu zuwa unguwarsu ta Bukoki, na tarar da shi a tsakar gida, ya cika ya yi fam, riƙe da kayen ɗiyarsa, littafin aikinta na makaranta, da yatsu biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera.

Yarinyar tana aji biyar a lokacin, a wata makarantar kuɗi da ke bayan layinsu. Tana raɓe jikin ƙofar ɗaki, ido ya yi ja. Abin da ya tada ƙurar aikin gida ne na lissafi, Madam ɗinsu ta ba ta uku bisa goma, ta kuma cika rabin shafi da rubutun jan alƙalamin bik a ƙasa. Yaya ba ya karanta boko, amma ya san uku, ya san goma, ya kuma san wanda ya fi.

Na zauna na karanta masa. Wallahi ban taɓa ganin malamar da ta ɓata lokacinta a kan ɗan wani haka ba. Ta fara da gaisuwa, ta ce yarinyar tana da kai, kuma lissafinta na baki ya fi na yawancin ajin. Sannan ta bi aikin. An ba su fili mai tsawon mita arba'in da biyar, faɗi mita ashirin, aka ce a nemo kewayensa, a kuma faɗi yawan wayar da za a saya in za a zagaye shi sau uku. Yarinyar ta rubuta 130 tsirara, ba mita ba komai, ba ta nuna inda ta samo shi ba, tambaya ta biyu kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Madam ta ce lambar daidai ce, shi ya sa ta ba da makinta, amma sauran makin yana kan jimlar bayani, da lissafin da aka jera a gefe, da amsa ta biyu, kuma duk babu su. Ta ce daga rubutun ta gane da safe aka yi aikin, a tsaye, ana sauri.

Maganin da ta kawo ba shi da tsada. A yi aikin tun yammacin ranar da aka ba da shi. Ta karanta tambaya sau biyu, ta ja layi ƙarƙashin abin da ake nema, ta gwada a allonta da alli kafin ta taɓa kaye. Kuma wani babba ya zauna kusa da ita ko rabin awa ne, a kashe tele. Ta rubuta cewa ba sai ya iya Faransanci ba, ya dai ce mata ta faɗa masa da Hausa abin da ake tambayarta, in ta iya faɗa to ta gane. A ƙarshe ta roƙi uban ya sa hannu.

Ina ɗaga kai na ga ashe tun daga "uku" kunnensa ya toshe. Duk sauran a bayan kunnensa ya bi. Ya ce shi bai taɓa jinkirta kuɗin makaranta ba, ya ce ɗan maƙwabcinsa mai gyaran babur, wanda sai an kore shi ake biya masa, bakwai ya samu. Na ce masa ba kuɗinsa aka auna ba. Ya ce in yi masa shiru, gobe da safe zan raka shi, kuma in fassara abin da ya faɗa kawai, kar in ƙara gishirina.

Yaya ɗan kasuwa ne tun yana da ƙuruciya. Atamfa da shadda yake sayarwa a wajen Kalley, kuma ban hana shi ba, ya iya sana'arsa. Matsalarsa ɗaya, a ganinsa duk duniya rumfa ce. Likita in ya ce a sha magani kwana bakwai, sai ya nemi ragi. Saboda haka da na ga ya fito da safe da turmin atamfa a leda, ya sha babbar riga da turare, na san yau zan ji kunya.

Lokacin hutun tara muka same ta a aji, tana gyaran tulin kaye, gurasarta a gefe ba ta ko taɓa ba. Mace ce siririya, Bazabarma, ta manyanta. Ta ba mu benci. Yaya ya ajiye ledar a kan teburinta, inda ba za a ce ba a gani ba, ya yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar mutanen gida da bai sani ba. Sai ya buɗe kayen, ya ɗora yatsa a kan ukun.

"Albarka, Madam," in ji shi. "Ƙara dai."

Na so ƙasa ta tsage. Na buɗe baki zan lulluɓe maganar da Faransanci mai ɗan mutunci, sai Madam ta ɗaga mini hannu, ta ce ba sai na wahala ba, a Yamai aka haife ta, tana jin Hausa sarai. Ta juyo da kayen ta soma nuna masa layi-layi, da Hausarta ta kasuwa, inda makin yake da inda ya zube. Shi kuwa gogan yana gyaɗa kai irin na wanda ke jiran mai saye ya gama kushe kaya. Da ta dasa aya ya ce takwas. Ta ce ba haka ake yi ba. Ya sauko bakwai, ya ce don darajar ƙanwarsa da ta baro aikinta. Daga nan ya ce to a raba, a ba shi biyar kowa ya huta, har yana miƙa hannu a tafa.

"Alhaji, ko na rubuta goma, ba ta iya ba," ta ce. "Ran jarrabawar ƙasa ba ni zan gyara ba, kuma ba za a bar ka ka shiga ba. Rabin awa na roƙe ka. Ka zauna da ita."

Ya ce shi yana da harkoki. Harkoki! Mutumin da daga magariba yake shimfiɗe a fada, ana zuba shayi na ɗaya da na biyu da na uku, ana raba wa manyan ƙasashen duniya laifi. Da Madam ta ce ya sayo littafi goma, ko ya ɗauki mai koyarwa a gida, da kafin azahar an yi, ya kuma ba da labari a kasuwa. Amma ya zauna a tabarma ɗiyarsa ta yi masa bayanin fili da waya, wannan ya fi ƙarfin girmansa.

Ta tura masa ledar a hankali, ta ce ya manta kayansa. Ya ɗauka, bai sa hannu a kayen ba, ya yi irin tafiyar nan ta mai ciniki da ke jiran a kira shi daga baya. Har a bakin ƙofar makaranta sai da ya rage sauri. Ba wanda ya kira shi.

Na yi masa magana a hanya, na yi a gida, na sa matarsa ta yi, ita ma ya ce me ta sani. Yarinyar ta yi kuka ta ce ita tana son Madam ɗinta. Ya ce ai shi ya sa yara ba sa zaɓa wa kansu. Kafin wata ya ƙare ya cire ta, ya kai ta wata makarantar da wani abokin fadarsa ya yaba, mai fenti mai kyau da hoton yara masu dariya a bango. Can kam an san darajar mai biya. Sati biyu ba a yi ba sai ga tara bisa goma, da "madalla" da Faransanci an ja mata layi biyu.

Zo ka ga Yaya. Ya yage shafin, ya kai aka manne shi cikin roba, ya rataye a rumfarsa tsakanin shadda da atamfa. Ya kira ni, karo na farko ba don fassara ba, ya ce in zo in ga abin da ake samu in mutum ya san inda zai kai kuɗinsa.

Na je. Na tsaya na karanta shafin, na sake karantawa. Lissafin wani lambu ne da za a kewaye. A wurin jimlar bayani, da rubutun yarinyar mai kyau, an rubuta da Faransanci cewa akuya ta cinye wayar, saboda haka ba sai an saya ba. Amsar kuma kilo goma sha biyu. A kan wannan aka zuba tara. Ma'aikatan gwamnati da ke zuwa sayen shadda suna karantawa, suna murmushi, suna ce masa Allah ya raya, shi kuma yana amsawa da amin har kunne. Na yi masa sallama na tafi. Wanda ya ƙi ji ai ba zai ƙi gani ba, sai dai shi ganin ma sai an karanta masa.

Ran Asabar yarinyar ta zo gidana, wai an aiko ta da tuwo. Na tambaye ta labarin akuya. Ta sunkuyar da kai, ta ce so take ta gani ko sabon mushen, wato malaminsu, yana karantawa. Ta ce tun ba a je ko'ina ba ta lura ba ya kai minti a kan kaye, sunan da ke bangon kayen kawai yake dubawa. Ta yi zaton zai kira ta ya yi mata faɗa, har ta shirya shan bulala. Da ya miƙo mata tara, sai ta ji kamar ta yi magana a ɗaki ba kowa.

Sai ta zaro kaye da allo daga ƙarƙashin hijabinta. Aikin Litinin ne, ta riga ta yi, ta ja layi ƙarƙashin tambayoyin kamar yadda Madam ta rubuta, allon duk alli. Ta ce in gyara mata, amma in ba ta na gaskiya. Na sa ta faɗa mini da Hausa abin da ake nema, ta faɗa. Na nemo jan bik na bi layi-layi. Bayanin ya fito, mita ta fito, amma ta yi tuntuɓe a rabawa, ta jawo kuskuren har ƙasa. Na rubuta biyar a wata takarda daban, na nuna mata inda sauran suka zube.

Ta daɗe tana kallon biyar ɗin nan, fuskarta ta washe, ta ce ta fi uku. Ta ninke takardar ƙanana ta cusa a aljihun jakarta. Har ta kai ƙofa da kwanon tuwo ta juyo.

"Gwaggo, don Allah kar ki gaya wa Baba. In ya ji biyar kika ba ni, ke ma zai cire ni daga wurinki."