Malam Attahiru da Kofunan Ruwa

Malam Attahiru ɗan Bungudu ne, amma a elementaren Tsafe ya yi yawancin koyarwarsa. A 1956 aka tura shi kwas, ya dawo da littafin rubutu cike da abin da masanan Turai suka ce game da girman hankalin yaro. Daga haihuwa zuwa shekara biyu, da hannu da baki yake sanin duniya. Zuwa bakwai, ido na ruɗinsa. Daga nan yakan gane cewa ruwa ba ya ƙaruwa don an sauya masa mazubi. Tunani a kan abin da ba a gani sai wajen sha biyu.

Ya gwada 'yan ajinsa. Yakan zuba ruwa daidai a kofi biyu, ya tambaya, yaro ya ce daidai ne. Sai ya juye ɗaya a siririyar kwalba, ya sake tambaya. Jatau, ɗansa na fari mai shekara tara, ya sunkuyar da kai ya nuna kwalbar. Sau uku ana yi, sau uku yana nunawa.

Malam ya yanke shawarar mayar da shi Bungudu ya yi noma. Ya ce wa kansa tausayi ne. Gaskiyar kuwa, ba ya son a ce ɗan malami ne dolon aji.

Ranar Juma'a yayarsa Uwani, mai awon gero a kasuwar Gusau, ta zo tafiya da yaron. Ta saurari bayanin duka tana tauna goro.

"Ka tambaye shi ya ba ka amsa, ka sake tambayarsa," in ji ta. "Kai da Baba ya maimaita maka tambaya, tsayawa kake kan maganarka?"

Malam ya ce ai haka littafi ya tsara.

"To, 'ya'yan masu littafin suna musu da ubanninsu ke nan."

Ta sa shi ya koma bayan zana. Ta dama fura, ta raba wa Jatau da ƙanwarsa Lami, 'yar shekara huɗu, ludayi biyar biyar a ƙwarya, sannan ta juye ta Lami a doguwar gora. Lami ta hau tsalle wai tata ta fi yawa.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji Jatau. "Ita ce dai ta ɗazu. Mayar a ƙwarya ki gani."

Malam ya ji komai daga bayan zanar. Littafin bai yi ƙarya a kan Lami ba, amma bai san cewa a nan maimaita tambaya tsawatarwa ce ba.

Da la'asar Uwani ta nemi ƙunshin kayan yaron. Malam, wanda bakinsa bai taɓa kama sunan ɗan farinsa ba, ya kalli ƙasa.

"Yaya, bar yaron nan. Litinin akwai makaranta."