Agogon Inna Ɗaga-riga

Matso nan ka zauna, ture takalman yaran gefe, in ba ka labarin matar da ake kira Inna Ɗaga-riga.

Shekara goma sha tara ta yi tana share ɗakin yara a asibiti. Ba ta taɓa riƙe allura ba, amma mai shara ba ta share idonta, duk abin da nas-nas suke dubawa a jikin yaro ita ma ta koyi duba shi. Da ta bar aiki sai ta shimfiɗa tabarmi uku a falonta, ta rataye wani tsohon agogon bango mai siririn hannu da ke zagaye sau ɗaya a minti, ta fara rainon yaran mata masu fita aiki. Duk yaron da aka kawo da majina, kafin ta amsa gaisuwar uwarsa ta ɗaga masa riga ta dubi ƙirji, shi ya jawo mata sunan. Iyaye suna tsokanarta: "Inna, har da ɗan da ke cin tuwo sau uku a rana?" Ta ce, "Ƙirji ba ya ƙarya, uwar ɗa ce ke yi."

Cikin masu kawo mata yara akwai Ƙarama, 'yar ƙanwarta, wadda ita ta goya ta bayan rasuwar uwar. Ƙarama tana aiki a wani babban shagon ɗinki, mijinta direban babbar mota ne, mutum mai son 'ya'yansa da saurin fushi. Yaransu biyu, namiji ɗan shekara biyu da Inna ke kira Ƙiriniya, da jaririya 'yar wata huɗu.

Ran Litinin mura ta kama su duka biyu. Ran Laraba da safe sai ga Ƙarama ta shigo a firgice.

"Inna, ji tarin yaron nan! Kamar haushin kare, muryarsa ma ta dishe. Ban runtsa ba jiya."

Ƙiriniya yana kuka, in ya ja numfashi sai a ji wata ƙara mai kaushi daga wuyansa. Inna ta zaunar da shi a cinya, ta ba shi murfin tukunya yana bugawa. Da ya yi shiru sai ƙarar ta ɗauke.

"Maƙogwaronsa ne ya kumbura bayan murar," in ji ta. "In ƙarar tana zuwa lokacin kuka kaɗai, da sauƙi. Wadda ake gudu ita ce wadda ake ji yana zaune lafiya lau. Miƙo min 'yar."

"Ai ita ba ta damun kowa, barci kawai take yi."

"Shi ne abin da ban so ba. Ta sha nono?"

"Ta ɗan taɓa ta saki."

Inna ta ɗaga rigar, ta kafa ido a agogo, leɓenta na motsi. Hamsin da bakwai a minti guda, alhali ɗan wata huɗu in yana kwance shiru bai kamata ya kai hamsin ba. Ƙasan haƙarƙarin yana lotsawa ciki duk jan numfashi, ga wani siririn fito daga ƙirjin. Kunzugun kuma a bushe.

"'Yata, wannan ita ce ta asibiti, kuma yanzu. Murar ta gangara cikin ƙananan hanyoyin huhu. Irin wannan a kwana na uku zuwa na biyar yake tsananta, yau ne na uku."

Ƙarama ta dubi ƙofa. Mai shago ya riga ya gargaɗe ta sau biyu kan latti. Ta ce bari ta je ta nemi izini kawai, minti ashirin ta dawo. Kafin Inna ta buɗe baki ta yi waje.

Minti ashirin ya zama awa guda. Wayar Ƙarama a kashe, domin a shagon ana kulle wayoyi a durowa. Inna ta sake ƙirgawa: sittin da takwas. Kafofin hancin jaririyar suna buɗewa suna rufewa, tana wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi. Inna ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta zauna da sauran yara huɗu, ta ja hannun Ƙiriniya, ta rungumi jaririyar a gaba, ba ta goya ta ba don ta riƙa ganin leɓenta ko zai fara yin shuɗi.

A asibiti nas ta maƙala wa jaririyar wani abu a ƙafa, ta dubi lambar, nan take aka sa mata iskar oksijin a hanci. Daga baya aka zura siririn tiyo don ba ta nono, saboda ba ta da ƙarfin tsotsa da numfashi lokaci guda. Likita ya ce maganin tari ba ya yi wa wannan ciwo komai, taimakon numfashi da ciyarwa ne, sai jiki ya yi sauran. Shi kuwa Ƙiriniya mai tayar da hankalin unguwa, magani na sha sau ɗaya aka ba shi na rage kumburi, aka sallame shi yana neman biskit.

Ƙarama ta iso bayan azahar. Direba ya iso washegari, ko gida bai biya ba. Ya tsaya a bakin gadon yana kallon tiyo a hancin 'yarsa, sai ya juyo.

"Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Waye ya yi jinkirin?"

Inna tana zaune a kujerar roba da robar ruwa a hannu. Ta ji Ƙarama, wadda ta yaye da hannunta, ta ce a hankali, "Ni lafiya lau na kai ta da safe. Inna ba ta ce min komai ba."

Direba ya dubi Inna. Inna ta dubi Ƙarama, Ƙarama ta dubi ƙasa. Magana ta zo har bakin Inna, da lambobinta, hamsin da bakwai da sittin da takwas. Ta san halin mutumin, ta san abin da zai biyo baya a gidan in ta furta. Ta haɗiye ta. Ta ce, "Allah ya ba ta lafiya," ta ɗauki mayafinta.

Bayan kwana huɗu aka sallami jaririyar garau. Amma magana zarar bunu ce. Direba ya faɗa wa abokansa, matansu suka ɗauka: Inna ta tsufa, ta zauna da 'ya tana shiɗewa har rana ta take, kuma ta bar 'ya'yan mutane hannun maƙwabta ta fita. Cikin mako biyu tabarmi uku suka koma ɗaya. Wata uwa ma da ta zo kwashe kayan ɗanta cewa ta yi, "Duk ɗaga rigar nan ashe ta burga ce." Inna ta taya ta naɗe zannuwa. Ƙarama ba ta leƙo ba, ko a waya.

Bayan wata biyu, wata safiya, aka yi sallama can ƙasa-ƙasa. Ƙarama ce a bakin ƙofa, jaririyar a kafaɗa da majina a hanci.

"Inna, wata murar ce. Ki ƙirga min."

Inna ba ta ce ta shigo ba, ba ta kuma kore ta ba. Ta ɗaga rigar nan a tsaye, ta waiwayi agogo. Talatin da takwas. Ƙirji sumul, yarinya tana wasa da ɗankunnenta.

"Lafiyarta lau. In ta rage shan nono, ko kin ga nan yana lotsawa, kada ki biyo ta nan, wuce asibiti." Ta sauke rigar. "Kin faɗa wa mijinki gaskiya?"

Ƙarama ta gyara riƙon 'yar. Ta kawar da kai gefe.

Inna ta shiga ta sauko da agogon daga ƙusa, ta goge shi da bakin zane, ta miƙa mata.

"Karɓi. Minti guda cur, tana kwance shiru. Kin ga yadda nake yi tun kina ƙarama."

Ta mayar da ƙofa a hankali. A bangon falon sai da'irar fenti mai haske inda agogon ya shekara da shekaru.

To kai da ka saurara, da kai ne a kan kujerar robar nan, da lambobin a bakinka, za ka faɗa ko za ka haɗiye?