Allurar da Ta Daskare

Tun ina yaro ban taɓa ganin babana ya ɗaga kai ya dubi sama ba. Bayansa ya tanƙware ya sandare, wuyansa ma ba ya juyawa, in ka kira shi sai ya juyo da jiki gaba ɗaya. Da ƙafafu yake gane mutane. Duk ƙarshen azumi, in jama'ar ƙauyenmu da ke kan hanyar Magariya zuwa Dungas suka fito neman wata, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Duba mini, ɗana." Mutane suna cewa dakon buhunan gyaɗa ne ya karya shi, ni ma haka na ɗauka.

Ban cika talatin ba, ina koyarwa a lakwal, makarantar bokon ƙauyen, nawa ciwon ya fara. Ciwo ne can gindin baya, yau a ɗuwawun dama, wani sati a na hagu. Shi ke tayar da ni kafin ladan, in miƙe kamar itace, sai hantsi ya dubi ludayi jikin ke saki. Abin haushi, in na ɗauki hauya na shiga gona sai ya lafa, in na kwanta hutawa ya dawo da ƙarfinsa. Innata ta hana ni noma, ta shimfiɗa mini tabarma sati biyu, wai in huta. Wallahi ban taɓa shan azaba irin ta wannan hutun ba. Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya cika da tabo, a banza.

Taubashina, ɗan kawuna mai sayar da ƙanƙara da lemu a kasuwar Magariya, shi ya fi kowa yi mini tsiya. "Kai Mushe, bawana," yake cewa, "wane irin ciwo ne wannan da garma ke warkarwa? Ragwancin sallar asuba ne kawai!" Ina dariya, amma na fara lura ruku'una ba ya kai inda yake kaiwa da.

A Damagaram aka ɗauki hoton ƙashi, radiyo, aka ce ba a ga wani abu a fili ba. Ƙwayoyin rage kumburi sun taimaka da fari, aka canza mini wasu, daga baya duka suka daina riƙe ni. Da idona ɗaya ya yi ja yana gudun haske, sai aka tura ni Yamai wurin wata likitar gaɓoɓi. Ta tambaye ni ko akwai mai lanƙwasasshen baya a gidanmu. Na ce mata akwai, babana.

Ta sa aka shigar da ni cikin na'urar IRM, wani dogon rami mai ƙara kamar injin niƙa. Da hoton ya fito ta nuna mini gaɓoɓi biyu da ke haɗa gindin ƙashin baya da ƙugu, dama da hagu, da fari-fari a gefensu.

"Kumburi ne a cikin ƙashi, malam," ta ce. "Radiyo ba ya ganinsa sai ya daɗe yana ɓarna. Sunan cutar spondilartrit ankilozant, kuma tana bin jini. In aka bar ta, ƙasusuwan baya na iya haɗewa su zama kamar gora. Kumburi muna iya kashe shi. Ƙashin da ya haɗe kuwa ba ya rabuwa."

Ta tsayar da ni jikin bango, dunduniya da ɗuwawu da ƙeya, duka suka taɓa. Ta ce in riƙa yin haka a gida, in riƙa motsa jiki kullum, kada kowa ya sake kwantar da ni. Aka auna ni ko ina da tarin fuka ko ciwon hanta a ɓoye, don maganin da za ta ba ni yana rage garkuwar jiki, yana iya tayar da su. Allura ce da ake kira biyolojik, ana yin ta ƙarƙashin fata duk sati biyu, tana toshe wani sinadari da ke hura kumburin. Ba a samunta a farmasinmu, yo odarta ake yi daga waje, sai da muka sayar da san noma. Ta ja mini kunne: a ajiye ta a firigo, amma kada ta daskare.

Ƙauyenmu babu kuran, wato wutar lantarki. Na ɗauko kwalin alluran cikin kula mai riƙe sanyi na kai wa taubashina, na nuna masa ƙaramin firigon lemu, na ce nan, ba wancan na ƙanƙara ba. Duk sati biyu in hau moto in je a yi mini. Kafin wata biyu na tashi da asuba na yi alwala ba tare da dafa bango ba, na zauna na yi kuka don murna.

Sai azumi ya zo cikin bazara, kuran yana ta yankewa. Ranar da na je karɓar allura, taubashina ya tarye ni yana washe baki. "Yau ka san ni ubangidanka ina sonka," ya ce. "Ƙaramin firigon nan ya fara ɗumi, na mayar maka da ita can ƙasa, tsakiyar ƙanƙara. Mai tsada ai shi ke shan sanyi mai kyau." Ya tono kwalin daga ƙarƙashin ledojin ƙanƙara. Ruwan cikin alluran ya zama dutse.

Innalillahi! Na zazzaga masa abin da ban taɓa faɗa wa mahaluki ba, a gaban masu sayen ƙanƙarar buɗa-baki. Ya tsaya yana cewa a bari ta narke mana, ai ruwa ne. Ni ma zuciyata ta so haka. Na kira likitar ina roƙonta kamar ita ta daskarar. Ta ce ko ta narke ta riga ta lalace, kada in kuskura in sa ta a jikina. Wata sabuwa kuma sai an jira wata biyu ko fiye. In koma kan ƙwayoyi, in ci gaba da motsa jiki.

Kafin goman ƙarshe ciwon ya dawo gidansa. Kullum da safe ina tsayawa jikin bangon zaure. Wata safiya dunduniya ta taɓa, ɗuwawu ya taɓa, ƙeya ta ƙi. Na tura hannu, yatsa biyu suka shige. Likitar ta ce a waya ƙashi ba ya haɗewa cikin 'yan makonni, galibi kumburi ne da ɗaurewar nama, zai saki in allura ta dawo. Na ji ta. Amma "galibi" ba ya hana mutum tsoro in yana gida ɗaya da babana.

Shi ban gaya masa komai ba. Ashe yana zaune a zauren yana kallon ƙafafuna, yana ganin yadda nake ɗage dunduniya ina neman bango da ƙeya.

Ranar azumi na ashirin da tara, bayan an sha ruwa, muka fito bayan gari neman wata. Taubashina ya zo daga Magariya niƙi-niƙi da ƙanƙara, ya tsaya nesa, ko tsiya ɗaya bai yi ba. Babana ya riƙe hannuna kamar kullum. Na ɗaga kai, wuyana yana ja kamar an ɗaure shi da igiya, na lallaɓa har na hango shi, siriri, saman wata gawo.

"Ya tsaya, Baba," na ce, na fara sunkuyowa.

Ya matse hannuna. "Kada ka sauke kai tukuna," ya ce. "Yanzu na kanka za ka duba. Ni ban san wane wata ne na ƙarshe da zan gani ba, da na sani da na daɗe ina kallo."